Amsa takardar ɗaukar aiki mai sharaɗi a Zangon Kwatano

Takardar ɗaukar aiki da aka ɗaure da sharaɗin gwajin likita ko tantance takardun shaida ba ta zama yarjejeniya ba tukuna. Kamfani na iya janye ta idan sharaɗin bai cika ba. Saboda haka amsar mai neman aiki tana da buƙatu biyu: ta nuna amincewa ƙarara, kuma ta nemo ranaku.

A Jamhuriyar Benin da Faransanci ake rubuta irin wannan amsa, kuma layi shida zuwa takwas sun isa. Ana farawa da ranar takardar da sunan muƙamin, sai a ce an amince. Daga nan a maimaita sharaɗin da kalmomin da kamfanin ya yi amfani da su, don kada daga baya a ƙara wani sharaɗin da ba a ambata ba. Sai tambayoyin lokaci: yaushe ne gwajin, a wane asibiti, kwana nawa sakamako ke ɗauka, kuma ranar fara aiki tana nan ko za ta matsa idan sakamakon ya yi jinkiri. Babu dalilin bayyana wata rashin lafiya a cikin wasiƙa. Wannan maganar likita ce.

Tantance takardu ya fi gwajin likita jan lokaci, musamman ga 'yan Zango da yawa da suka yi karatu a Najeriya ko Nijar. Mai takardar WAEC ko digirin wata jami'ar Najeriya kan buƙaci fassara zuwa Faransanci da takardar daidaita daraja daga hukumomin Benin, kuma ba kamfanin ke riƙe da lokacin wannan ba. Ya kamata a tambaya ko rasit ɗin shigar da buƙatar zai wadatar a fara aiki. Takardar shaidar rashin laifi kuwa wata uku take aiki, don haka karɓo ta da wuri na iya sa ta mutu kafin a kammala.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen ajiye tsohon aiki. Dokar ƙwadago ta Benin ta ɗora wa ƙaramin ma'aikaci mai albashin wata sanarwar wata guda. A ɗauki mai kula da sito kusa da tashar jiragen ruwa, wanda aka ba shi takarda ranar 5 ga Mayu, aka ce ya fara 1 ga Yuni. Idan sakamakon gwaji bai fito ba sai 15 ga Mayu, sanarwarsa ba za ta ƙare ba sai tsakiyar Yuni. Abin da ya dace ya roƙa a amsarsa shi ne a ƙirga ranar farawa daga ranar da aka tabbatar masa a rubuce cewa sharaɗin ya cika. Kiran waya ko saƙon murya ba ya tsayawa a matsayin wannan tabbaci, kuma kafin rubutaccen tabbacin ya iso ba a miƙa takardar ajiye aiki.