Daga Windows 10 zuwa Windows 11: Ɗorawa za ka yi ko fomatin?

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta da aka saba, shi ya sa tambayar da aka fi yi mini yanzu ita ce yadda za a koma Windows 11. Hanya biyu ce. Ko dai ka ɗora sabon a kan tsohon, fayilolinka da manhajojinka su zauna inda suke, ko kuma ka goge faifan gaba ɗaya ka saka sabo fil, abin da muke kira fomatin. Masu gyara da yawa fomatin kawai suke yi, domin shi ya fi musu sauƙi. Ni kuma sai na duba abu biyu kafin in zaɓa: lafiyar Windows ɗin da ke ciki, da kuma ko mai kwamfutar zai iya dawo da abin da za a goge.

Ta farko da zan ba da misali da ita kwamfutar wani shagon buga takardu ce a Kankia. Tana ɗauke da firinta biyu da sikana, da manhajar yin katin biki da kalanda wadda mai shagon ya saya shekarun baya, ya kuma ɓatar da lambar lasisinta. Ga ɗaruruwan salon rubutu da ya tara. Idan aka yi mata fomatin, takardunsa za su tsira a filash, amma manhajar ba ta dawowa da kwafi, sai an sake girka ta da lasisi. Kwamfutar kuma ba ta da wata matsala. Irin wannan ɗorawa ta dace da ita.

Na fara da duba ko ta cancanta. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta `msinfo32`. Layin BIOS Mode ya kamata ya nuna UEFI, sannan ka duba furosesa: a ɓangaren Intel Core, Windows 11 na son ƙarni na takwas zuwa sama. Tasa i5-8500 ce, lambar 8 ta farko ita ce ƙarnin. Sai `tpm.msc`, inda ake son ganin 2.0. Daga nan na buɗe Command Prompt ta Run as administrator na gwada lafiyar tsarin:

```
sfc /scannow
dism /online /get-intl
```

Umarni na farko yana bincika fayilolin Windows ya gyara waɗanda suka lalace. Na biyun ne mutane ba su sani ba, alhali shi ke ceton data. Yana nuna harshen asali na Windows ɗinka, misali en-US ko en-GB. Fayil ɗin ISO da za ka sauko da shi daga shafin Microsoft dole harshensa ya zo ɗaya da wannan. Idan naka en-US ne ka sauko da English International, za ka iske zaɓin riƙe manhajoji ya dushe, ba ya dannuwa. ISO ɗin ya haura gigabait biyar, kuma duk wanda ya taɓa sauko da irinsa da datar waya ya san ba abin maimaitawa ba ne.

Wajen ɗorawa ba a tayar da kwamfuta daga filash. Kana cikin Windows 10 za ka danna ISO ɗin sau biyu, ka buɗe `setup.exe`, ka tabbata an zaɓi Keep personal files and apps. Kwamfutar za ta kashe kanta ta tashi sau da yawa. Tasa ta ɗauki sama da awa ɗaya. Da yake ta tebur ce ba ta da batir, sai da muka cika tankin janareta kafin mu fara, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya barin ta ba tsohon ba sabon. Duk da haka sai da na kwafe takardunsa a wani faifai tukuna.

Babbar ribar ɗorawa ita ce hanyar komawa. Windows na ajiye tsohon tsarin a jakar `Windows.old`, kuma kana da kwana 10 ka koma ta Settings, System, Recovery, Go back. Na gaya wa mai shagon ya gwada kowace firinta da sikana a cikin kwanakin nan, kada kuma ya goge jakar don neman fili. Bayan kwana 10 Windows da kansa yake share ta.

Ta biyu laftof ce ta hannu da wani malamin makaranta a Kusada ya sayo a Kano. Ita ma ƙarni na takwas ce, amma labarinta daban. Tallace-tallace na faɗowa ba a kira su ba, Windows Update ya ƙi aiki, an kashe Windows Security, ga wata manhajar satar lasisi da mai sayarwa ya saka. `msinfo32` kuma ya nuna Legacy, wato an girka Windows ɗin a tsohon tsarin faifai na MBR, wanda Windows 11 ba ya karɓa. Akwai umarnin `mbr2gpt` da ke juya faifan ba tare da gogewa ba, kuma da tsarin na da lafiya da na yi amfani da shi. Amma me zan ceto a nan? Ɗorawa tana kwaso manhajoji da saituna zuwa sabon Windows, har da bairos ɗin da ke cikinsu. Abin da malamin ke da shi jarrabawoyi ne da hotuna, duka ba su kai gigabait uku ba. Duk kwamfutar da ba ka san hannun da ta bi ba, fomatin nake ba da shawara.

Kafin gogewa, bayan kwafe fayiloli, na fitar da direbobin na'urar zuwa wani filash, cikin jakar da na riga na ƙirƙira:

```
pnputil /export-driver * E:\direbobi
```

Dalili kuwa, Windows 11 yana neman intanet tun wajen saiti na farko, kuma wani lokaci ba ya gane katin waya-fai na laftof. Idan direban na hannunka, ba sai ka hau mota zuwa Katsina neman sa ba. A tuna kuma da kalmomin sirri da ke ajiye a burauza, su ma fomatin na tafiya da su. Idan faifan na kulle da BitLocker, a nemo lambar buɗe shi mai alƙaluma 48 kafin a taɓa komai.

Sai na haɗa filash mai gigabait 8 da Rufus, na zaɓi GPT, na shiga BIOS na mayar da ita UEFI, na kunna TPM da Secure Boot. Da na tayar da ita daga filash, a shafin zaɓen faifai na goge duk ɓangarorin faifan ciki har ya zama Unallocated space. A nan ake yin asara: dubi girman kowane faifai da kyau, kuma ka cire faifan da ka yi ajiya a kai kafin ka fara. Babu Go back bayan wannan. Lasisi bai ba mu wahala ba, domin laftof ɗin ta zo da nata na asali a cikin BIOS, Windows ya karanta shi da kansa. Abin lura kawai, lasisin Home ba ya kunna Pro.

Idan kuwa furosesarka ƙarni na shida ne ko na bakwai, kamar yawancin na hannu da ke yawo a wajenmu, akasarinsu ba sa cikin jerin da Microsoft ya amince da shi, ko ta wace hanya ka bi. Rufus na iya tsallake binciken, kwamfutar kuma za ta tashi, sai dai Microsoft bai yi alƙawarin ba ta sabuntawa ba. Ga kwamfutar da ake cin abinci da ita, ba na yin haka sai mai ita ya ji wannan sharaɗin ya amince.