Tarin Fuka na Ƙashin Baya: Bayani ga Jama'ar Ƙasar Yauri

Ka sani, ya kai mai karatu, ƙwayar cutar tarin fuka, wadda likita Robat Kok ya gano a 1882, ba a huhu kaɗai take zama ba. Wani sa'i jini yakan ɗauke ta ya sauke a ƙashin baya, ta yi watanni tana ɓarna, alhali mai ita ko tari ba ya yi. To, da yake mutanen Yauri da Ngaski da Shanga, tun kafin a datse Kuwara a Kainji a 1968, rayuwarsu tuƙin kwalekwale ce da jan taru da noma, ciwon baya ya zama abin da kowa yake jingina wa gajiya, kuma a nan ne wannan illa take samun mafaka.

Ƙashin baya gaɓoɓi ne jere bisa juna kamar tubala, da guringuntsi a tsakaninsu, laka kuwa tana bi ta bayansu. Galibi ƙwayar takan sauka inda haƙarƙari ya ƙare, a sashen gaba na gaɓa, mai fuskantar ciki, sa'an nan ta ratsa zuwa maƙwabciyarta, ba ta cin guringuntsin sai daga baya. Idan gaba ya ruɓe ya rufta, baya kuwa yana tsaye, lalle ginin ya karkata, doro mai tsini ya fito. Mugunya kuma takan taru, ba zafi ba ja, har ta gangara ta kumbura a gindin cinya. Wadda ta nufi baya kuwa sai ta danne laka, ƙafafu su shanye.

Mu ƙaddara wani masunci a Wara, ɗan shekara talatin. Wata uku ke nan bayansa na ciwo, ciwon da kwanciya ba ta sauƙaƙa shi, har yakan tashe shi da dare, ga rama da zazzaɓin maraice. In abu ya faɗi sai ya durƙusa ya ɗauka, ba ya sunkuyawa. An yi ƙaho, an je ga mai ɗori, ba fa'ida. A asibitin Yelwa a gwada majinarsa da jininsa, har da gwajin ƙanjamau, a ɗauki hoton ƙirji da na baya. Amma hoton eksire yana da iyaka, domin ba ya nuna ɓarna sai wajen sulusin ƙarfin ƙashin ya zube, saboda haka hoto mai kyau a farkon ciwo ba hujja ba ce ta lafiya. Hoton em-ar-ai, wanda akan tura mutum manyan asibitoci irin na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato dominsa, shi ne yake bayyana mugunya da halin laka tun da wuri. In da shubuha, sai a zuƙo mugunyar da allura a gwada, don a tabbatar da ƙwayar, a kuma san ko tana jin magani.

Asalin waraka magani ne, kuma gwamnati kyauta take bayarwa. Wata 2 na farko ana shan iri huɗu, wato rifamfisin da isoniyazid da firazinamid da etambutol, sa'an nan wata 10 a ci gaba da biyun farko, jimla shekara guda, alhali na huhu wata 6 ne. Fitsari zai yi ja, wannan aikin rifamfisin ne, ba abin tsoro ba. Amma in ido ya yi rawaya, ko gani ya dushe, wajibi ne a koma ga likita a ranar. Babbar fitina ita ce masuncin nan ya ji sauƙi a wata na uku ya bi kifi zuwa wani gungu ya bar shan magani, domin ƙwayar da ta saura takan dawo ta ƙi jin maganin, sa'an nan jinya ta yi tsawo da tsanani.

Fiɗa kuwa ta kaɗan ce daga cikin marasa lafiya, kuma tana da sharuɗɗa. Ana yin ta idan raunin ƙafafu yana ƙaruwa, ko bai ragu ba bayan mako uku zuwa huɗu ana shan magani, ko fitsari da bayan gida sun kuɓuce; haka nan idan gaɓoɓin sun goce har ba su riƙe jiki, ko doron ya yi tsanani, musamman ga yaro, wanda nasa yakan ƙaru muddin yana girma; ko mugunyar wuya ta hana haɗiya da numfashi. Likita yakan kwashe ruɓaɓɓen ƙashi, ya saki laka, ya tallafe wurin da ƙarfe, aikin da ake yi a irin asibitin ƙashi na Dala a Kano, kuma bayansa dole a cika watannin magani.

Ƙafar da ta shanye sau da yawa takan dawo in an saki laka da wuri, amma doron da ya riga ya kafu magani ba ya miƙe shi. Don haka duk wanda bayansa ya wuce wata guda yana ciwo dare da rana, tare da rama, ya nemi gwaji tun yana tafiya da ƙafafunsa. Allah ya ba mu lafiya, amin.