Darasin lissafi: Marmara nawa hanyarmu za ta ci?

Babbar hanyar gudron da ta tashi daga Tawa ta bi ta Tabalak da Abalak har Agadas da Arlit, an gina ta a ƙarshen shekarun 1970 saboda uraniyum. Amma garuruwa da yawa na arewacin Adar ba su bakinta. Da damina, mota ba ta iya barin gudron ta shiga gari sai ta kafe. Shi ya sa ake yin ƴar hanya ta marmara, wannan jan dutse mai tsakuwa da ake haƙowa a kan tuddai.

A ce mutanen wani gari kusa da tabkin Tabalak sun tara kuɗi don su haɗa garkunansu da gudron. Tsawon hanyar metir 400, faɗinta metir 5. Ana so kaurin marmara ya zama santimetir 15 bayan an gama aiki. Kamiyo nawa za su saya?

Da farko mu mai da awo duka ya zama iri ɗaya. Santimetir 15 shi ne metir 0,15. Wanda ya manta da wannan ya rubuta 15, zai samu marmarar da ta isa hanya ɗari.

Filin hanya: 400 × 5 = 2000 metir kare.
Yawan marmara: 2000 × 0,15 = 300 metir kib.

Yara da yawa nan suke aje alli, su ce sun gama. Ba su gama ba. Wannan 300 marmara ce daɓaɓɓiya, wadda ta kwanta a kan hanya. Wadda kamiyo yake kawowa kuwa sakakkiya ce, akwai iska tsakanin tsakuwoyinta. Kun ga yadda mata suke daɓen ɗaki: su zuba ƙasa, su yayyafa ruwa, su yi ta bugu, ƙasar tana sauka. Haka marmara take yi ƙarƙashin motar daɓe.

Ku gwada da kanku. Ku samo babban gwangwani, ku zuba marmara har ta kai santimetir 10, kada ku danna. Ku yayyafa ruwa kaɗan, ku kirɓa da taɓarya har ta daina sauka, sa'an nan ku sake awo. Marmarar kowane rami da halinta, amma a ce mun samu santimetir 8. Ke nan sai an zuba 10 kafin a samu 8.

10 ÷ 8 = 1,25
300 × 1,25 = 375 metir kib.

To, ku lura da wani tarko a nan. Wani zai ce: "Marmara ta ragu da kashi 20 cikin ɗari, bari in ƙara kashi 20 a kan 300." Sai ya samu 360. Amma wannan 360 ma za ta sauka in an daɓe ta: 360 × 0,8 = 288. Saura 12 ta kai 300. Ragin ana lissafa shi a kan sakakkiya, ba a kan daɓaɓɓiya ba. Ni ma da nake makarantar horon malamai na faɗa cikin wannan tarko.

In kamiyo ɗaya yana ɗaukar metir kib 8, to 375 ÷ 8 ya ba da 46 da saura 7. Ba a barin saura a rami, saboda haka kamiyo 47 ke nan.

Me zai faru in mutanen garin sun sayi 300 kawai? Bayan daɓe za ta koma 240. Kowane metir na hanya yana cin 5 × 0,15 = 0,75 metir kib, don haka marmara za ta ƙare a metir 320. Metir 80 na nan da rairayi, kuɗi kuwa sun ƙare. In kuma aka baje ta ko'ina don ta isa, kaurin zai tsaya a santimetir 12, tayar manyan motoci ta fi saurin fasa shi.

Mai lura da aiki yana kafa turaku a gefen hanya, ya sa alama wajen santimetir 19, domin 15 × 1,25 = 18,75. Nan za a baje marmara ta kai kafin daɓe. Ruwa ma sai an daidaita shi. A dunƙula marmara a hannu: in ta watse, ta bushe da yawa, ba za ta daɓu ba, in ta liƙe a tafin hannu kamar taɓo, ruwan ya yi yawa.

Aiki

1. Hanyar makaranta tana da tsawon metir 120, faɗi metir 4, kauri santimetir 20. A gwangwani, santimetir 10 ya koma 8. Kamiyo nawa mai ɗaukar metir kib 8 za a saya?

2. Ku auna hanyar da ta tashi daga ƙofar ajinku zuwa bakin titi, ku yi gwajin gwangwani da marmarar garinku, ku kawo lissafin gobe.