Ke Ma Ki Yi Wa Mai Intabiyu Tambaya

’Yar’uwa, idan an kira ki intabiyu, ace na koyarwa a makarantar kuɗi, a ƙarshe akan ce, “Kina da tambaya?” Kada kunya ta sa ki ce babu. A nan ne za ki gane wurin da za ki shiga.

Ta farko a kan aikin ce: “Ranka ya daɗe, me ya sa wannan gurbi ya samu?” In an ce ɗalibai ne suka ƙaru aka buɗe sabon aji, madalla. In kuwa malamai uku ne suka bar ajin cikin shekara guda, to akwai dalili. Ki nemi jin sa.

Ta biyu a kan abokan aiki ce: “In malama ta tafi hutun haihuwa, wa ke riƙe ajinta?” Inda akwai tsari, nan take za a faɗa miki. Amsar “ai muna taimakon juna” kawai, sau da yawa ma’anarta a haɗa miki aji biyu ba ƙarin ko sisi.

Ta uku a kan shugaba ce: “In iyayen yaro suka kawo ƙarar malama, yaya ake yi?” Shugaban kirki zai ce sai ya ji ta bakin kowa. Wanda ya ce iyaye ne ke biyan kuɗi, kin san ɓangaren da zai bi ranar da aka kawo ƙararki.

Ki lura da fuska kuma. Wanda tambaya cikin ladabi ta ɓata wa rai tun yau, yaya kenan in kin zama ma’aikaciyarsa? Allah Ya yi mana zaɓin alheri.