Dalilin da Ya Sa Masara da Dawa Ke Jure Zafin da Ke Gajiyar da Shinkafa

Kowace bazara malaman gona na kokawa da manoman rani da suka makara wajen dashen shinkafa, har ta shiga zafin Afrilu tana tsakar girma. Tushen matsalar yana cikin ganye.

Allah Ya halicci ganye da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ta nan iskar kabon ke shiga, tsiro ya haɗa ta da ruwa da hasken rana ya yi sukari. Ta nan kuma ruwa ke fita. In rana ta take, ƙasa ta fara bushewa, tsiro yakan tsuke ƙofofin don tattalin ruwa, sai kabon ya yi ƙaranci a ciki, iskar oksijin ta taru.

Mai kama kabon a ganye wani sinadari ne, Rubisko. Misalinsa ɗan dako ne mai raunin gani da aka tsayar a bakin kasuwa ya riƙa kwaso buhunan hatsi. Da sanyin safiya aikinsa lafiya lau, amma rana na yin zafi sai ya fara sungumo buhunan yashi, maigida ya biya kuɗin ɗauko su, ya sake biyan na zubar da su. Haka Rubisko ke cafko oksijin a shinkafa da wake da alkama, masu tsarin C3. Wannan ɓarna kan ci kusan rubu'in kabon da suka kama, tana kuma ƙaruwa da ƙaruwar zafi.

Masara da dawa da gero da rake kuwa sun shigar da ɗan dakon ɗakin ciki. Wani sinadari da ba ya ruɗuwa da oksijin shi ke kama kabon a ƙwayoyin waje, ya ɗaure shi cikin wani haɗi mai kabon 4, ya kai shi ƙwayoyin da ke kewaye da jijiyar ganye. A can kabon ke taruwa ninkin-ba-ninkin, Rubisko bai cika kuskure ba. Wannan ne tsarin C4, wanda Hatch da Slack suka fayyace a Ostareliya a 1966 ta hanyar nazarin rake. Masu shi na aiki sosai ko zafi ya haura digiri 30, kuma da kusan rabin ruwan da masu C3 ke sha suke gina jiki daidai da nasu. Sai dai jigilar na cin ƙarfi, shi ya sa a sanyin hunturu alkama ta fi su walwala.

To, manomi ya kiyaye! Juriyar nan ta ganye ce, ba ta kai ga fure ba. Masarar da ƙishi ya kama lokacin da za ta yi goyo, zafi ya wuce digiri 35, garin furenta kan mutu, gashinta ya makara fitowa, a ɓare ta a tarar da 'ya'ya jefi-jefi. Wanda ya ga ganyenta ya naɗe tun da hantsi, ya ce ai masara ba ta jin rana, ya tafi hira, sakaci ya yi da amanar abincin iyalinsa. A makon da masara ke fure ban ruwa wajibi ne, shinkafa kuma a dasa ta da wuri don ta yi fure kafin zafi ya tsananta.