Mabiya 400,000, lita 22 na man gyaɗa

Da kakar bara wata ƙungiyar mata a Gazawa ta aiko a kira ni. Matan suna matsar man gyaɗa suna toya ƙuli-ƙuli, suna kuma da asusu irin na Mata Masu Dubara da aka faro a jihar Maradi a 1991. Na tarar sun shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, jarkoki jere a gefe, shugabarsu kuma ta miƙo mini salula ta ce, "Malam, duba mana, ko kuɗinmu zai dawo?" Ban iya yi mata ƙarya ba. Na ce, "Hajiya, sai haƙuri."

Wani yaro dillali, wanda ke kiran kansa masanin talla don kawai yana da babbar waya, shi ya haɗa su da wani ɗan barkwanci na TikTok mai mabiya 400,000. Aka tsaya a kan jika 150, wato sefa 150,000, suka ciro daga asusu suka tura gaba ɗaya tun kafin a ɗauki hoto ko ɗaya. Ba takarda, ba shaida, ko saƙon murya babu. Bayan kusan wata guda da magiya ɗan barkwancin ya saki bidiyo na minti biyu. Barkwanci ya cinye kusan duka, sai a ƙarshe ya ɗaga gorar man ya ce yana maganin hawan jini, maganar da matan ba su taɓa yi ba. Lambar waya an rubuta ta da ƙananan baƙaƙe a ƙasa, bai karanta ta da baki ba, alhali yawancin masu sayen mai a yankinmu da kunne suke ɗaukar lamba. Kwana uku ya goge bidiyon, ya sa tallan turare.

Dillalin ya zo yana washe baki, wai an kalla sau 210,000. To, an kalla. Na ce a ba ni wayar da aka kira. Kusan duk lambobin da +234 suka fara, mutanen Kano da Kaduna da Legas suna tambayar farashi da naira, wasu ma gaisuwa kawai suka kira yi. Da na matsa aka turo mini hoton shafin Analytics na ɗan barkwancin, sai ga shi cikin mabiya goma, takwas a Najeriya suke, Nijar ko ɗaya cikin goma ba ta cika ba, kuma a cikin wannan ɗan kason akwai na Yamai da Damagaram. Hausa ɗaya muke ji da Kano, shi ya sa ake ruɗuwa. Amma gorar mai ba ta tafiya ta rezo. Sai ta hau mota ta bi ta Ɗan Isa ta shiga Jibiya, a biya hanya, a yi canjin kuɗi, sannan ta tarar da man gyaɗar Dawanau yana jiran ta. Ba ma maganar rufe iyaka ba, irin wadda muka gani daga 2023 zuwa Maris na 2024.

Lissafin da ya kamata a yi tun farko bai fi minti biyu ba. Ribarsu a kan kowace lita sefa 300 ce. Raba 150,000 da 300, ka sami lita 500 kafin kuɗin talla kaɗai ya fito. Su kuwa lita 60 suke iya matsewa a mako. Ko da tallan ya ci, sai sun ba shi duk ribar man da za su matse na fiye da mako takwas kafin su ga dala ɗaya. Abin da aka sayar ta dalilinsa lita 22 ne, riba sefa 6,600. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, domin kuɗin zubi ne na mata, dala ashirin-ashirin aka tara shi.

Mai mabiya da yawa ba shi ne mai masu saye da yawa ba. In ba ka san garin da masu kallonsa suke ba, kada ka biya. In ba ka yi lissafin yawan kayan da za su mayar da kuɗinka ba, kada ka biya.

Bayan wata biyu muka sake gwadawa, da ƙyar ma suka yarda. Na nemo wata mata a Maradi mai ɗora bidiyon girki, mabiyanta ba su wuce 9,000 ba. Kafin mu yi maganar kuɗi na zauna na karanta sharhin da ake yi mata a bidiyo goma na baya. Can na ga mata suna tambayar "a wace unguwa kike, Zariya ko Sabon Gari?", suna tambayar farashi da sefa. Wanda sharhinsa duk tafi ne da hoton zuciya, ko kallonsa yau 300 gobe 90,000 ba dalili, a yi hattara da shi, ana sayen mabiya. Shafin Analytics kuma na ce ta buɗe a gabana. Hoton allo ana iya gyara shi, ni dai ba na ƙara karɓarsa.

Muka rubuta a takarda ɗaya, aka kuma karanta da murya a WhatsApp kowa ya ce ya amince. Bidiyo uku, ɗaya a mako, tana soya da man a gaban kyamara. Ta faɗi lambar da baki sau biyu, ta faɗi farashi da shagon da aka ajiye man a Maradi. Hajiya za ta ga kowane bidiyo kafin ya fita. Ba a goge shi sai bayan kwana 30, ba ta tallan wani mai a cikin wannan lokaci, kuma ƙungiya tana da damar sa shi a nata satatus. Ta faɗa wa masu kallo cewa talla ce. Maganar magani kuwa ko kalma ɗaya ba a yarda ba. Rabin kuɗi a farko, rabi bayan bidiyo na uku. Ina sake faɗa, rabi. Wanda ya riga ya karɓi kuɗinsa duka, kai za ka koma kana roƙon sa.

Don mu san wa ya zo ta hanyarta, muka ce duk mai saye ya ce "man Gazawa na girki" a ba shi ƙullin ƙuli-ƙuli kyauta. Yaron shago yana da littafi, ya rubuta rana da lita da ko mutum sabo ne. Tsofaffin masu saye ba mu ƙirga su ba, domin da talla da babu za su zo, kuma nan ne 'yan damfarar talla suke cusa wa mutane lissafin ƙarya. Duk abin da aka kashe, ladarta jika 20 da man gwaji da kuɗin mota da ƙuli-ƙulin kyauta, ya kama jika 25, wato ana bukatar lita 84. A mako huɗu littafin ya nuna lita 130 daga sababbin masu saye, riba sefa 39,000. A cire 25,000, saura 14,000. Ba wata dukiya ba ce, kuma ba ta cike ramin farko ba. Sai dai wata mai tuwo-tuwo a kusa da tasha ta ci gaba da ɗaukar lita 10 kowane mako bayan tallan ya ƙare, shi ya sa nake cewa a bar littafin a buɗe har wata uku kafin a yanke hukunci.

Masu aya na Agye da Cadawa su ma sun fara kira na, kowa yana son wanda ya fi suna. Ku dillalinku ku tambaye shi nawa ne kasonsa a ciki, a gaban mai tallan. Kuma kada ku saki talla alhali kayan suna Gazawa ba ku ajiye ko jarka ɗaya a Maradi ba, mai kira ba ya jiran motar jibi.