TSH Ɗina Ya Hau, Amma Jikina a Mace Yake

Likita, wata bakwai ke nan da haihuwata. Kusan wata biyu ina fama da kasala, ko shara na yi sai na zauna na huta. Ana zafin bazara ni ina ƙudundune cikin zane. Na yi ƙiba alhali ba cin kirki nake ba, ga taurin bayan gida, gashina kuma sai zubewa yake. An auna jinina, TSH ya nuna 14. Yayata nata 0.01 ne, amma ita aka ce wa tayirod ɗinta na aiki fiye da kima. Ba ni ya kamata a gaya wa haka ba? Ko kuskure aka yi a takardar?

Mai jego, Zariya

'Yar'uwa, ban ga alamar kuskure ba, ma'aunin ne yake tafiya a baibai.

Ba tayirod ɗin da ke gaban wuyanki ke yin TSH ba. Wani ɗan ƙullutu ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yake aiko shi don ya zaburar da tayirod. Ki ɗauke shi kamar sandan mai jaki: jaki ya yi nawa, duka ya yawaita, ya zura da gudu, a ajiye sanda. Galibin ɗakunan gwaji suna ɗaukar kimanin 0.4 zuwa 4 a matsayin daidai. To 14 na nufin ana ta duka, jakin bai motsa ba. Shi ya sa komai naki ya yi sanyi, har hanji.

Yayarki kuwa akasin haka ne. Ki tambaye ta, da wuya ba ta yi fama da faɗuwar gaba, zufa, rawar hannu, rashin barci da rama duk da yawan ci ba.

TSH kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa da T4, sinadarin da tayirod ke fitarwa. Idan shi kuma ya yi ƙasa, magana ta tabbata. Duba da lokacin da naki ya taso, ina zargin kumburin tayirod na bayan haihuwa, wanda ake yawan ɗora wa wahalar raino ko ƙarancin jini. Mata da yawa kan warware cikin shekara guda ko sama da haka, wasu kuma ya zauna musu, don haka kada ki daina bibiya.

Idan likitanki ya rubuta lebotairoksin, ki sha da ruwa da sassafe, ki jira aƙalla minti 30 kafin karin kumallo. Ƙwayar ƙarin jini tana rage shigarsa jiki, sai ki raba su da awa 4. Ba ya hana shayarwa. A sake awo bayan mako 6 zuwa 8, kuma ki sanar da likita da zarar kin sake samun ciki.

Na san halinmu na ba da aron magani. Kada ki taɓa na yayarki, don aikinsa rage gudu ne, ke kuwa tsayawa kika yi.